Maganar Baki da Maganar Ciki: Yadda Ake Gina Fitowar Mutum Biyu a Wasan Kwaikwayo

Shugaban wannan zama, malamaina, ɗalibai, da 'yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da suka taho daga cikin Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke tsakani, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana a kan fitowar da mutum biyu ne kawai a dandali, babu taro, babu sanƙira, babu mai shigowa ya raba. A nan ne asirin marubuci yake tonuwa. Yawancin rubuce-rubucen da matasa ke kawo mini in duba, da an bar wa da ƙane su kaɗai, sai ƙanen ya miƙe ya ce, "Ka cinye gadon ubanmu, kuma yau sai ka ba ni haƙƙina." Wan ya ce, "Butulu, ni na yi maka karatu." Layi biyu, an gama wasa. Abin da ya rage shi ne ɗaga murya, kuma mai kallo ba shi da sauran aiki sai jiran wanda zai fara marin wani.

Wannan hali muna da inda muka gaje shi. Rubutaccen wasan Hausa ya tashi da niyyar faɗakarwa. Wasan Marafa na Abubakar Tunau a kan tsafta yake. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wanda ya fito a 1960, da Kulɓa Na Ɓarna na ɗan jiharmu Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979, duk gyaran hali suka sa gaba. Marubutan nan sun san bakin mutane, kuma akwai abin koyo mai yawa a wajensu. Amma mai son darasinsa ya isa kunnen kowa, dole jarabar sa ɗan wasa ya faɗi komai ƙarara ta riƙa jansa. Mu da muka biyo baya sai muka ɗauki jarabar, muka bar kunnen.

Alhali kuwa ba a rasa mu da kayan aiki ba. Mutanen da uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, mace ba ta kiran mijinta da sunansa, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, ai ba sa buƙatar wani ya koya musu cewa abin da ke baki daban, abin da ke ciki daban. Sai dai a nan akwai tarko, kuma shi nake so mu fara tsallakewa. Tunda kowa a cikinmu da kewaye yake magana, kewaye shi kaɗai ba ya gaya wa mai kallo komai. In ka rubuta mutum ya zo rance ya fara da tambayar gida da iyali da gajiya da ruwa, ba ka ɓoye wani abu ba tukuna, al'ada kawai ka kwafa. Mai kallo Bahaushe yana fara saurare ne a daidai inda aka kauce wa abin da aka saba. Gaisuwar da ta kamata ta yi gaɓa biyar aka yanke ta a ta biyu. Wanda ya saba zama kan tabarma ya tsaya a tsaye. An kawo ruwa, an karɓa, an ajiye ba a sha ba. Ma'aunin yana kan kowane mai kallo tun daga gida, aikinka shi ne ka san shi sarai, sannan ka karkace masa da gangan.

Haka kuma kada a ɗauki habaici a matsayin abin da nake nufi. Kishiyar da ke daka tana yi wa kaza faɗa a kan cin abin da ba nata ba, so take a ji, kuma an ji. Ta faɗi abin da ke ranta ne, ta bar wa kanta ƙofar musu kawai. Habaici da gugar zana da shaguɓe makamai ne masu daɗi a dandali, amma ba sa daɗewa, domin da an jefa an san inda ya faɗa. Maganar cikin da ke riƙe fitowa ita ce wadda mai ita yake tsoron fitarta, saboda in ta fita akwai abin da zai rasa wanda ba ya dawowa.

Bari mu gina guda ɗaya tare. Mutanen ƙirƙirarru ne, amma na ajiye su a Tamawa domin ku ga ƙofar gidan da idonku.

Uba ya rasu shekara 12 da suka wuce, ya bar mata da 'ya'ya maza biyu da gona ɗaya. Ba a raba gado ba, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa. Babban, wanda za mu kira Yaya, shi ya ci gaba da noma, da shi aka ci, da shi aka biya wa ƙaramin kuɗin makaranta. Ƙaramin, Auta, yanzu malamin makaranta ne a Dutsin-Ma, yana gidan haya, an nuna masa fili, kuma ba shi da kuɗinsa sai in an raba gonar ya sayar da rabonsa. Kowace kaka Yaya yakan ware masa buhu biyu na gero.

Auta yana son a raba. Amma ba zai iya buɗe baki ya faɗa wa wanda ya raine shi ba, don haka abin da yake nema a zahiri shi ne Yaya ya faɗa da kansa. Shi kuwa Yaya labari ya riga ya iso masa. Ya kuma san abin da ku ma kuka sani: a shari'a, in magaji ya nemi rabo babu mai hana shi, za a fitar wa uwa tumuninta a raba saura. Ke nan ba shi da hujjar da zai yi musu da ita. Kariyarsa ɗaya ce, kada kalmar ta fita. Yana da makami, wato hidimar da ya yi, amma in ya zare shi ya zama gori, kuma mai gori ya zubar da ladansa da girmansa. Kun ga yadda aka ɗaure su. Ɗaya yana son a faɗi abin da ba zai iya faɗa ba, ɗayan yana son hana faɗar abin da ba zai iya ƙi ba. In babu irin wannan ɗauri, shirun mutanenka wasa da hankalin mai kallo ne kawai, kuma zai ce, "To me ya hana shi faɗa?"

Saura abu ɗaya: tunda ba za su yi maganar rabon gona ba, maganar me za su yi? Dole a ba su wani abu da ido ke gani, hannu ke taɓawa, wanda rigimar za ta hau kansa. Na zaɓi buhun gero. Ga fitowar.

Bayan la'asar, da kaka. Yaya na zaune a ƙofar gida yana ɗinke bakin buhu da basilla. Auta ya kashe babur.

YAYA: A'a, Malam ne da kansa? Yau ba makaranta?

AUTA: Akwai. Izini na nema. Ina wuni, Yaya?

YAYA: Izini. To, lafiya lau. Ya yaran?

AUTA: Suna gaishe ka. Yaya, dama...

YAYA: Miƙo mini zaren can. Ka zo a daidai, ga naka nan na ware. Huɗu ne bana.

AUTA: Huɗu? Ai biyu aka saba.

YAYA: Gona ta yi kyau. Gefen tsamiya ma ya fi, wajen da Baba ya fi so.

AUTA: Allah ya jiƙansa.

YAYA: Amin.

AUTA: Bana ka bar shi, Yaya. Ba ni da wurin ajiya. Ɗaki biyu ne, kuma mai gidan ya sake ƙara kuɗi.

YAYA: Sai a bar su a rumbu ka riƙa ɗiba. Rumbun ai na gida ne.

AUTA: Wahalar ce ta yi maka yawa. Ga tsadar taki, ga ciwon bayan nan. Gonar ta yi wa mutum ɗaya girma.

YAYA: Ta yi wa mutum ɗaya girma tun kana aji uku. (Shiru.) Riƙe mini bakin nan.

(Auta ya durƙusa ya riƙe. Yaya na ɗinki.)

AUTA: Akwai wani fili da aka nuna mini.

YAYA: Ka gaida Inna kuwa?

AUTA: Ban shiga ba tukuna.

YAYA: Shiga. Tun da ta ji ƙarar babur ta san kai ne. (Ya tsinke zaren.) Auta, biyu za su hau babur ɗin nan?

AUTA: Ɗaya zai hau.

Shi ke nan. Ba a ambaci gado ba, ba a ambaci rabo ba, ba a ɗaga murya ba. Yanzu mu bi ta daki-daki mu ga inda aka yi dambe.

Kalmar farko ma naushi ce. Yaya bai saba kiransa Malam ba. Ya ɗaga shi ne don ya nisanta shi, kamar ya ce yau baƙo ka zo. Da Auta ya ce izini ya nema, Yaya ya maimaita kalmar ita kaɗai. Ma'aikaci ba ya barin aiki ranar mako don gaisuwa, kuma maimaicin ya nuna Yaya ya gane. Sai Auta ya yanke gaisuwa tun ba ta yi nisa ba, ya ce "dama". Duk wanda ya taɓa zama da Hausawa ya san abin da ke biyo bayan "dama". Shi ya sa Yaya bai bari ta kai ko'ina ba, ya aike shi ɗauko zare, wato ya mayar da shi yaron da ake aika.

Buhu huɗun nan su ne zuciyar fitowar. A baki kyauta ce. A ciki tayi ne: na ninka maka, ka bar zancen. Kuma tayi ne mai ƙaya, domin wa zai karɓi alheri da hannun dama ya nemi rabo da na hagu? Auta ya gane, shi ya sa ya ƙi karɓa. Ƙin karɓar hatsi daga gonar uba ba ƙaramar magana ba ce, amma ya lulluɓe ta da rashin wurin ajiya, kuma a cikin lulluɓin ya cusa hujjarsa ta gaskiya, wato kuɗin haya. Yaya ya amsa lulluɓin ya ƙyale hujjar. Ya ce rumbun na gida ne, ma'ana abinmu ɗaya ne, ba a raba shi.

Daga nan Auta ya sake dabara. Ya koma tausayi, yana so ya nuna rabon taimako ne ga Yaya. Wannan ce ta yi zafi, domin an zo a ƙwace maka abu ana ce maka hutu ake nema maka. Nan Yaya ya zame. Maganar aji uku gori ce, ita ce abin da ya yi niyyar ba zai faɗa ba, kuma ta kuɓuce. Ina so ku lura da wannan sosai, domin fitowar da kowa ya riƙe kansa daga farko har ƙarshe ba ta da numfashi. Sai an sami wuri ɗaya da murfin ya ɗan ɗaga, mai kallo ya hango abin da ke tafasa, sannan a mayar. Yadda Yaya ya mayar shi ne ya ce a riƙe masa bakin buhu. Haƙuri ne da ba a furta ba, kuma umarni ne, kuma ya sa ƙanen ya durƙusa a gabansa, hannuwansu a kan hatsin gonar da suke rigima a kai. Marubucin da ya sami motsi ɗaya mai ɗauke da abu uku haka, ya huta da rubuta shafi guda.

Gorin ya ba Auta ƙarfin hali, domin wanda aka yi wa gori bashinsa ya ragu. Sai ya ambaci fili. Wannan ne mafi kusa da ya zo. Yaya ba shi da sauran abin tarewa a wajensa, sai ya jawo Inna: ka shiga ka dubi idon tsohuwar nan tukuna. Sannan a karon farko ya kira shi Auta, ya kuma sauko daga huɗu zuwa biyu. Amsar ƙarshe ita ce hukuncin. Da a ce Auta ya ce biyu za su hau, da ya sallama. Da ya ce ba zai ɗauka ba, da an yanke zumunci. Ɗaya yana nufin yau ka ci, amma zan dawo. Babur kuwa kowa a wannan ɗaki ya san yana ɗaukar buhu biyu har da mai buhun.

Akwai gwajin da nake so ku riƙa yi wa rubutunku. Ku ɗauki biro, a gefen kowane layi ku rubuta abin da mai maganar yake yi wa ɗan'uwansa da wannan layin. A tamu fitowar za ku sami nisantawa, tarewa, saye, ƙi, lallashi, gori, jawo uwa. In kun zo kan layin da babu abin da za ku rubuta sai "yana ba da labari" ko "yana faɗin yadda yake ji", to wannan layin ba da abokin wasa yake magana ba, da mai kallo yake, kuma cire shi ya fi. In kuma kun ga kalma ɗaya tana ta maimaituwa a gefe, roƙo, roƙo, roƙo, fitowar ta tsaya cik ko da maganar na da daɗi. Mutumin da yake son abu da gaske, in dabara ta ƙi, wata yake sakewa.

Wani zai ce duk wannan da na fassara, ta yaya mai kallo zai sani? Tambaya ce mai kyau, kuma a nan masu sabon koyo suke faɗawa ɗaya ramin. Sun ji an ce a ɓoye, sai su ɓoye wa kowa har da mai kallo, a tashi wasa ana tambayar juna me ya faru. Mutanen cikin wasa ne suke ɓoye wa juna. Mai kallo kuwa dole ya shigo fitowar da sani. Kafin wannan fitowa sai mun ga Auta da matarsa suna lissafin kuɗin fili, ko mun ga wani a kasuwa yana ce wa Yaya an ga ƙanensa da dillali. Minti biyu sun isa. Da zarar mai kallo ya riƙe wannan, kowace kalma a kan buhu za ta yi masa nauyi biyu, kuma daɗin da yake ji na ganewa da kansa shi ne abin da ya zaunar da shi.

Misalin da aka fi kawowa a duniya a kan haka yana cikin wasan ƙarshe na Anton Chekhov, marubucin Rasha, wanda ya yi a kan wani lambun itatuwa da bashi ya ci. Konstantin Stanislavski ne ya sa shi a dandali a Mosko a 1904, shekarar da Chekhov ya rasu. Tun farkon wasan kowa yana cewa ɗan kasuwa Lopakhin zai auri Varya. A kashi na ƙarshe, ana ta ɗaure kaya za a bar gidan, uwar gidan ta shirya musu su keɓe don ya nemi aurenta, ya kuma yarda. Varya ta shigo tana yi kamar wani abu take nema a cikin kaya. Ya tambaye ta inda za ta koma, ta gaya masa gidan da za ta je aiki. Suka koma zancen sanyi, da cewa ma'aunin sanyin gidan ya fashe. Wani ya kira shi daga waje, ya fice da sauri kamar dama jira yake. Ta zauna a ƙasa tana kuka. Ku cire kashi ukun da suka gabata, abin da zai rage hira ce a kan yanayi. Shirin da aka yi tun farko ne ya mayar da ita ƙarshen rayuwar da ba a yi ba.

Yanzu ga 'yan wasa da masu ba da umarni, domin rubutu mai kyau yakan mutu a hannunku. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗan wasa ya karanta, ya gane maganar ciki, sai ya ɗauko ta ya shafa a fuska. Yaya ya ce huɗu ne bana yana harara, ko yana murmushin mugunta. A fim kuma a ƙara da kiɗan tashin hankali da kusanto da kyamara kan ido. An tona abin da marubuci ya sha wahalar rufewa. Mai yin Yaya ya ba da buhunan nan da zuciya ɗaya, domin Yaya yana son ƙanensa da gaske, kuma ya yarda alheri yake yi. Hankalinsa ya kasance kan ɗinkin, ya ɗinka buhun ya ɗinku. Inda maganar ciki za ta leƙo shi ne a lokaci: saurin da ya tari "dama", da tsawon shirun bayan aji uku, da daƙiƙar da basilla ta tsaya a hannunsa lokacin da aka ambaci fili. Masu wasan rediyo ba su da fuska, amma ba su yi asara ba. Ƙarar jan zare a buhu tana ci gaba a ƙarƙashin hira, ta yanke, ta dawo, kuma kunne yana kama yankewar.

Wannan salo yana da iyaka. Ba za a yi wasa gaba ɗaya ana kewaye ba. Wata rana, gaban Inna ko gaban mai unguwa, dole wani ya ce a raba. Amfanin duk riƙon da aka yi shi ne ranar da kalmar ta fita ta fito da nauyinta, ko da a hankali aka faɗe ta. Marubucin da ya kashe ta a shafi na biyu ba shi da abin kashewa a shafi na arba'in.

Kuma ba kowace dangantaka ce take ɓuya ta hanyar shiru ba. Ku canza Yaya ya zama taubashi, ɗan kawun Auta da aka bar wa riƙon gonar. Nan babu kunya, wasa ne tsakaninsu. Auta zai iya sauka daga babur yana cewa, "Ina ɓarawon gonar ubana?" a yi dariya. An faɗi gaskiyar tsirara, amma wasan ya rufe ta, domin ba a kama abokin wasa da magana. Rigimar sai ta koma wani wuri: Auta yana neman hanyar da za a ɗauki maganarsa da gaske, taubashin kuma yana mayar da kowace jimla raha don kada ta zama magana. Wanda ya fara daina dariya shi ya buɗe yaƙi. Haka abin yake tsakanin kaka da jika. Wannan nake so 'yan ƙungiyoyi su gwada kafin zamanku na gaba: gona ɗaya, buhu huɗu, babur ɗaya, amma da taubashi a kan tabarmar, shafi biyu kada ya wuce, kuma ku rubuta aikin kowane layi a gefensa.